Kafin a ƙaryata jita-jitar ɗigon shan inna, a faɗe ta yadda take

A shekarar 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, bayan wasu malamai da likitoci, ciki har da Dakta Datti Ahmed, sun ce an cuɗanya ɗigon da maganin hana haihuwa. Sai a watan Yulin 2004 aka dawo da shi, da rigakafin da aka sayo daga Indonesiya. Cutar da ta tashi daga Najeriya a wancan lokaci ta kai ƙasashe kusan 20. Zargin kuwa har yau bai mutu ba, ya dai tashi daga majalisa ya koma waya. Mai shirya bidiyon da zai tunkare shi yana da daƙiƙa 90 ko ƙasa da haka, kuma yawancin aikin a kan takarda yake ƙarewa, kafin a kunna kyamara.

Masana irin su Stephan Lewandowsky da John Cook, a littafinsu na ƙaryata jita-jita da aka sabunta a 2020, sun ba da tsari: a buɗe da gaskiya, a faɗi zargin sau ɗaya tare da gargaɗi, a nuna inda ya kauce, a sake nanata gaskiyar. Don haka jimlar farko za ta iya zama: ɗigo biyun nan suna kare yaro daga shanyewar ƙafa, kuma ba sa taɓa haihuwa. Wanda ya wuce bayan daƙiƙa biyar ya tafi da wannan.

Wuri mai wuya shi ne na biyu. Marubuci mai gaggawa zai rubuta cewa wasu jahilai na cewa rigakafi guba ne. Da wannan kalma ya kori mutumin da aka yi bidiyon dominsa. Magidancin da ya hana 'yan rigakafi shiga gidansa ba haka yake magana ba. Cewa yake: in zazzaɓi ya kama ɗana sai na sayi magani da kuɗina, to me ya sa wannan ake bina da shi har ƙofar gida kyauta, kuma ba sau ɗaya ba? Yana kuma tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan ya faru, kuma rubutun da ya tsallake shi ya zubar da amanarsa tun kafin ya kawo hujja.

Akwai gwaji mai sauƙi. A karanta wa wanda ya yarda da zargin wannan sashe kaɗai. In ya ce “haka ne, abin da muke cewa ke nan”, rubutun ya yi adalci. In ya ɓata rai, a koma a gyara.

Daga nan sai hujja, kuma dole ta amsa tambayar da aka yi. Trovan sabon magani ne da ake gwadawa, ɗigon shan inna kuwa tun shekarun 1960 ake ba yaran duniya. 'Yan matan da aka ɗiga wa a 2004 yanzu da yawansu suna goyon nasu 'ya'yan, kuma uwa ɗaya da za ta faɗi haka da bakinta ta fi jadawali tasiri. Saudiyya ma takan nemi alhazan Najeriya su sha ɗigon. Maimaita ɗigon yana da dalili: a wuraren da gudawa ta yawaita, ɗigawa sau ɗaya ba ta kama kowane yaro. Bin gida-gida kuwa saboda cutar ana iya kawar da ita baki ɗaya in ba a bar mata wurin ɓuya ba. A 2016 aka ga ƙwayar cutar ta asali a karo na ƙarshe a Borno, a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Bai kamata rubutun ya ce ɗigon ba shi da wata illa ko kaɗan ba. Ƙwayar da aka raunana a cikinsa takan rikiɗe ta shanye ƙafa inda yara da yawa ba su sha ba, kuma ana samun haka a Arewa. Gara mai kallo ya ji wannan daga bidiyon, tare da bayanin cewa yawaita rigakafin ne ke tsayar da ita.

Sauran hatsarin yanke bidiyo ne. Wani zai iya datse daƙiƙa goman da aka faɗi zargin ya tura a WhatsApp kamar mai magana a bidiyon ne ke gaskatawa. Shi ya sa ake saƙa gargaɗin cikin jimlar kanta, a ce “ana ta yaɗa wani zargi da ba gaskiya ba, wai…”, a kuma bar rubutun “ba gaskiya ba ne” a fuskar bidiyon har sashen ya ƙare.