Ka naɗa wakili a akwatin imel ɗinka, kalmar sirri ta zauna a wurinka

Kawuna ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda yake kawowa. Rabin cinikinsa ta imel yake tafiya, domin ta nan masu masaƙa ke aiko masa da farashi, ta nan kuma mai fitar masa da kaya daga tashar jirgin ruwa ta Legas ke turo takardu. Shi ba mai zama gaban kwamfuta ba ne, don haka ya rubuta kalmar sirrin Gmail ɗinsa a bayan wani rasit, ya miƙa wa akawunsa. Yaron mai amana ne, shekara huɗu ba a taɓa kama shi da ko sisi ba.

Matsalar ta fito ne da Kawu ya tafi Umara. Kwamfutar shagon ta lalace, akawun ya ari wata, ya saka kalmar sirrin daidai, amma Google ya ga na'urar da bai sani ba ya nemi lambar tabbatarwa. Lambar kuwa wayar Kawu take zuwa, wayar tana Makka, a kashe mafi yawan yini. Kwana biyu takardun kaya suna kwance a akwatin ba wanda ya iya buɗewa. Da ya dawo ya kira ni ya ce, "Ɗana, zo ka cire mini wannan lambar da suke turowa, ta hana mu aiki." Na ce, "Kawu, lambar nan ita ce sakatar ƙofarka, a bar ta. Abin da za mu cire shi ne kalmar sirrinka daga hannun yaron nan, mu naɗa shi wakili."

Mutane da yawa suna ɗauka kalmar sirrin Gmail ta imel ce kaɗai. Ba haka ba ne. Kalmar ta asusun Google ce gaba ɗaya. Wanda ya riƙe ta yana iya ganin hotunan iyali da waya ke ajiyewa a Google Photos, da takardun da ke Google Drive, da lambobin wayar mutane, da sauran kalmomin sirri da burauzar Chrome ta adana. Idan wayar Android ce a kan wannan asusun, yana iya ganin inda take, har ya goge ta daga nesa. Kawu bai taɓa nufin ba akawunsa hotunan matansa da 'ya'yansa ba, amma abin da ke bayan rasit ɗin nan ke nan. Da na nuna masa hotunan sunan jikarsa a kwamfutar shago, sai da ya cire hula ya share zufa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Idan mutum biyu suna shiga da kalma ɗaya, a wurin Google mutum ɗaya ne. Ranar da aka tura saƙon da bai dace ba, ko aka amince da farashin da maigida bai yarda da shi ba, da wuya a tantance wanda ya yi. Wannan yana cutar da maigida, yana kuma cutar da yaron kirki, domin zargi kan wanda ba shi da ƙarfi yake faɗawa.

Wakilcin imel kusan irin wakilcin da muka sani ne a harkar kasuwa. Kana ba mutum izini ya yi wani aiki da sunanka, kowa ya san wakili ne, kuma ranar da ka ga dama ka sauke shi. A Gmail, wakili yana shiga da adireshinsa da kalmar sirrinsa, sannan daga cikin nasa akwatin ya buɗe naka. Zai karanta saƙonni, ya ba da amsa, ya aika sababbi, ya goge. Ba zai iya canza kalmar sirrinka ba, kuma wannan izinin bai buɗe masa hotunanka da takardunka na Drive ba. Lambar tabbatarwa da za a nema daga gare shi tasa ce, wayarsa za ta je, ko kana Makka ko kana Guangzhou.

Ga yadda muka yi a shagon, bayan sallar La'asar. A kwamfuta ake naɗa wakili, manhajar Gmail ta waya ba ta da wurin. Kawu ya shiga akwatinsa, muka danna alamar saiti a sama ta hannun dama, muka zaɓi See all settings, sannan shafin Accounts and Import. A can ƙasa akwai layin da aka rubuta Grant access to your account, a gabansa Add another account. Muka rubuta adireshin Gmail na akawun, muka danna Next Step, sannan Send email to grant access. A nan na sa Kawu ya karanta adireshin harafi bayan harafi, sau biyu, domin kuskuren harafi ɗaya yana nufin ka gayyaci baƙo cikin akwatinka. Google yakan nemi maigida ya tabbatar da cewa shi ne kafin ya yarda, kuma hakan daidai ne.

Gayyatar ta isa akwatin akawun nan take, ya danna ya amince. Idan ba a amince cikin mako ɗaya ba, gayyatar tana mutuwa, sai an sake turawa. Bayan amincewa ma izinin yana iya ɗaukar har awa 24 kafin ya fara aiki, saboda haka kada a bari sai daren tafiya. Namu bai daɗe haka ba. Akawun ya danna hotonsa a kusurwar sama, sai ga sunan Kawu a jerin da kalmar Delegated a gefensa. Ya danna, akwatin ya buɗe a wani shafin daban.

A wurin da aka naɗa wakilin akwai zaɓi biyu da galibi ake tsallakewa, alhali su ne ke hana rigima daga baya. Na farko, idan wakili ya buɗe saƙo, shin ya nuna an karanta ko ya zauna kamar ba a taɓa ba? Kawu yana duba imel a wayarsa da dare, kuma saƙonnin da suka yi baƙi-baƙi kaɗai yake buɗewa, don haka muka zaɓi Leave conversation unread when opened by others, kada wani muhimmin saƙo ya wuce shi don kawai akawu ya riga shi gani. Na biyu ya shafi sunan da mai karɓa zai gani. Ana iya barin saƙon ya fita da sunan maigida tare da sent by da adireshin wakili, ana kuma iya ɓoye na wakilin. Ni ina ganin a bar shi a fili. Mai masaƙar da ya ga saƙon canjin asusun banki ɗauke da sunan wakili zai ɗaga waya ya tambayi maigida, kuma wannan kiran ya fi komai amfani.

Asusun Gmail na kyauta yana ɗaukar wakilai har 10, kuma wakilin shi ma sai yana da asusun Gmail. Idan imel ɗin na ma'aikata ne a kan Google Workspace, sai mai kula da tsarin ya kunna wakilci tukuna, kuma yawanci a tsakanin ma'aikatan wuri ɗaya yake aiki. Wanda ya duba bai ga layin ba a irin wannan asusun, wurin mai kula da kwamfutocin ofis zai je. Ofisoshin da ke amfani da Outlook na Microsoft suna da nasu tsarin, har ya fi na Gmail rarrabewa: akwai Full Access na buɗe akwatin, akwai Send on Behalf da ke nuna wane ya aika a madadin wane, akwai kuma Send As da ke fitar da saƙo kamar maigida ne da kansa. Wannan na ƙarshen ba na ba da shawarar a bayar da shi sai da dalili mai ƙarfi.

Sai dai wakilci yana da iyaka, kuma wanda bai san ta ba zai yi barci da ƙofa a buɗe. A Gmail ba za ka ce wakili ya ga saƙonnin kasuwa ya bar na gida ba, duk akwatin yake gani, har da na shekarun baya. Mafi haɗari shi ne saƙonnin sauya kalmar sirri. Idan da wannan adireshin ka buɗe Facebook, ko wani asusun sayayya, ko shi banki ke turo wa bayanai da lambobi, duk wanda ke karanta akwatin yana iya cewa an manta kalmar sirri a can, mahaɗin sauyawa ya faɗo a gabansa. Saboda haka kafin mu tashi, muka buɗe wa Kawu wani adireshin na kansa, muka mayar da banki da Facebook da harkokin iyali can, tsohon ya zama na kasuwa zalla. Wannan aikin ya fi naɗa wakilin cin lokaci, ya kai mu har bayan Magariba.

Iyaka ta biyu ita ce asusun wakilin kansa. Ɓarawon da ya sace kalmar sirrin akawu ya samu hanyar shiga akwatin Kawu. Shi ya sa muka kunna wa akawun 2-Step Verification a nasa asusun a zaman, kuma aka yi sharaɗin ba zai bar akwatin a buɗe a kwamfutar aro ba.

Naɗa wakili bai goge kalmar sirrin da aka riga aka bayar ba. Muka canza ta, muka shiga myaccount.google.com, ɓangaren Security, muka fitar da duk na'urar da Kawu bai gane ba, muka tabbatar lambar waya da adireshin dawo da asusu nasa ne. Muka koma saitin Gmail muka duba Forwarding and POP/IMAP da Filters and Blocked Addresses, domin a nan ake ɓoye umarnin da ke tura kwafin saƙonni wani wuri ko da an canza kalma. Ba mu samu komai ba, amma duk wanda kalmarsa ta taɓa yawo ya kamata ya duba. Jerin wakilan ma a riƙa leƙa shi, domin masu kutse sukan saka kansu a ciki. Sunan da ba kai ka sa ba alama ce an shigo maka.

Ranar rabuwa kuwa, ko ta daɗi ko ta ɓacin rai, sai ka koma Grant access to your account ka danna delete a gaban sunan. Ba sai ka canza kalmar sirri a wayarka da sauran na'urorinka ba, ba kuma sai ka roƙi kowa ya manta da abin da ya haddace ba. Idan kana tsoron an goge wani abu kafin tafiya, duba Trash, saƙo yana zama a can kwana 30 muddin ba a share kwandon ba.

Mai karatu, idan yanzu haka kalmar sirrinka tana hannun sakatare, ko yaron shago, ko ƙaninka da ke taya ka amsa saƙonni, nemi kwamfuta cikin makon nan ka naɗa shi wakili, ka kwashe banki daga wannan adireshin, sannan ka canza kalmar a zama ɗaya.