Abin da Ke Jefa Saƙon Ɗan Kasuwa Cikin Spam

A ce wani mai sayar da riɗi a kasuwar Dawanau yana neman masu saye a Turkiyya da Japan. Ranar Litinin ya yi rajistar sabon domen, wato sunan nan da ke zuwa bayan alamar @ a adireshin imel. Ranar Talata ya aika wa kamfanoni ɗari biyar saƙo iri ɗaya, ya zauna jiran amsa. Mako ya shige, shiru. Zai ɗauka farashinsa ne bai yi musu ba, alhali yawancinsu ko ganin saƙon ba su yi ba, domin Gmail da Outlook sun riga sun tura shi akwatin Spam.

Babbar matsalarsa ita ce domen ɗin, ko da yake mutane sun fi ɗora laifi a kan kalmomi. Kamfanonin imel suna ajiye tarihin kowane mai aikawa: yawan abin da yake turawa a rana, ko ana amsa masa, ko ana kai ƙararsa, ko yana aika wa adireshin da ya mutu. Sabon domen ba shi da wannan tarihi, kamar baƙon da ya sauka a kasuwa da kaya niƙi-niƙi ba tare da dillalin da zai tsaya masa ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, haka 'yan damfara ke yi: su sayi domen yau, su yi ta watsa saƙonni gobe, su jefar da shi jibi. Na'urar tacewa ba ta san zuciyar mai riɗi ba, halin da ta gani take yi wa hukunci.

Tun daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara. Kowane mai aikawa sai ya saita SPF ko DKIM, masu tabbatar da cewa daga domen ɗinsa saƙon ya fito da gaske, wanda kuma ke tura wa masu Gmail saƙo 5,000 a rana sai ya haɗa su duka biyu, ya ƙara da DMARC. Google ta kuma ce kada ƙorafi ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu. Mu lissafa da mai riɗinmu. Ko da saƙonninsa ɗari biyar duk sun isa, mutum biyu kacal suka danna `Report spam`, ya kai kashi 0.4, ya haye iyaka tun ranar farko.

Maganin haƙuri ne, kuma a ganina nan ne akasarin 'yan kasuwa ke faɗuwa. Masu wannan aiki kan fara da saƙo ashirin zuwa talatin a rana, su tura wa waɗanda suka san su kuma za su amsa, kamar tsofaffin abokan ciniki da masu jigilar kaya. Daga nan sai a riƙa ƙarawa sannu a hankali har mako huɗu zuwa shida, kafin a tunkari wanda bai taɓa jin sunanka ba.

Kalmomi suna da tasiri, amma ba wata kalma ɗaya da ke kashe saƙo ita kaɗai. Manhajar SpamAssassin, wadda kamfanoni da dama ke tace imel da ita, maki take tarawa, kuma a saitinta na asali saƙon da ya kai maki 5 ya zama abin zargi. Buɗe saƙo da `Dear friend` yana jawo maki, rubuta kan saƙo da manyan baƙaƙe zalla yana jawo nasa, haka ma ambaton miliyoyin daloli. Wannan ya shafi ɗan Najeriya kai tsaye, abin takaici, domin manhajar tana da dokoki na musamman kan wasiƙun damfarar 419, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya yana iya kwaikwayon salonsu bai sani ba. Gara ya kira mutum da sunansa, ya faɗi irin riɗin, da yawan tan, da tashar da za a yi lodi.

Linki kuwa, kowanne ana duba sunan domen ɗinsa a jerin masu laifi irin na Spamhaus. Mai riɗi ya sa na shafinsa, da na WhatsApp, da Facebook, da kundin hotuna, da wani gajeren `bit.ly` da ke ɓoye inda zai kai mutum. Guda ɗaya ya ɓaci, ya shafa wa saƙon baki ɗaya. A saƙon farko linki ɗaya ya isa, na domen ɗinsa, takardar farashi kuma ta jira sai an nema.

Kafin ya aika wa kowa, ya fara tura wa kansa a wani adireshin Gmail, ya buɗe saƙon a kwamfuta, ya danna ɗigo ukun da ke gefe, ya zaɓi `Show original`. Idan bai ga `PASS` a gaban SPF da DKIM da DMARC ba, gyaran yana wajen kamfanin da ke riƙe masa domen. Idan duk sun wuce amma saƙon ya sauka a Spam, sai ya cire linki, ya sauƙaƙa kan saƙon, ya sake gwadawa. In har hakan bai canza komai ba, sunan domen ɗin ne ya ɓaci, sai ya dakatar da aika wa baƙi, ya koma ashirin a rana.