Tsakanin ƙarin tsohon maigida da tayin sabon wuri

Ranar da ma'aikaci ya miƙa takardar ajiye aiki, sau da yawa ranar ce maigida yake tuna darajarsa. A makarantu masu zaman kansu na Gusau abin ya yawaita tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota ya fara cinye albashi. Sai ka ji mai makaranta ya ce, "Haba Malam, a tsakiyar zango? Nawa suka ce za su ba ka? Zauna, mu ma za mu biya."

Mu ɗauki misali. Malamin lissafi ne mazaunin Bungudu, shekararsa huɗu yana koyarwa a Gusau a kan naira 80,000 a wata. Wata makaranta a Tsafe ta yi masa tayin 120,000, ya amsa, ya rubuta takardar ajiye aiki, sai maigidan ya ce shi ma zai cika masa 120,000.

Zama yana da hujja mai ƙarfi. Daga Bungudu zuwa Gusau tafiya ce ta safe a dawo da la'asar. Tsafe kuwa tana can gaba da Gusau a hanyar Funtua, hanyar da matsalar tsaro ta sa mutane ke duba lokaci kafin su hau ta. Ko dai ya kama haya a can ya raba tukunya biyu, ko ya kwashe iyali. Ga shi sabon wuri yakan fara da watannin gwaji, waɗanda sallama a cikinsu ba ta da wuya. Idan kuɗi kaɗai ya tayar da shi, kuma kuɗin ya zo har gida, tafiyar ba ta da riba.

Sai dai a duba yadda 40,000 ɗin nan za ta shigo, domin nan ne aka fi cutar mutane. Ƙarin da aka sa cikin ainihin albashi, aka rubuta a takarda mai sa hannu da kwanan wata, haƙƙi ne. Wanda aka kira alawus, ko aka ce za a riƙa ba ka a hannu kada sauran malamai su ji, alfarma ce, kuma mai alfarma yana iya janyewa idan dogon hutu ya zo, iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba. Bambancin ya kai har fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, ana lissafawa a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. A wurin da ake bin dokar, ƙarin 40,000 cikin albashi yana jawo 4,000 duk wata daga aljihun maigida zuwa asusun malamin. Ƙarin hannu ba ya jawo ko kwabo.

Akwai kuma takardar da ya riga ya miƙa. Da zarar ta isa hannun maigida ta fara aiki, kuma ba a janye ta sai da yardarsa. "Ai mun yi magana" ba ya soke ta. Wanda zai zauna ya rubuta takardar janyewa, ya karɓi amsa a rubuce cewa shekarunsa huɗu suna nan ba su yanke ba. Dokar ƙwadago ta ba wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar sanarwar mako biyu kafin sallama, amma wanda bai wuce wata uku ba kwana ɗaya kawai. Idan aka lissafa shi sabon ɗauka, ya koma ƙasan layi.

A ganina tafiya ta fi idan abin da ya kore shi ba yawan albashi ba ne. Wanda ake biya ranar goma ga wata mai zuwa, bayan ƙarin ma ranar goma zai karɓa, in ma bai ƙara jinkiri ba tunda nauyin ya ƙaru. Wanda aka ɗora wa aji shida, ko aka saba yi wa tsawa gaban ɗalibai, kuɗi bai taɓa zama matsalarsa ba. Kuma ana gane maigidan da lokaci kawai yake saye: zai ce a dakata da rubuta ƙarin sai an gama jarrabawar WAEC, ko ya kawo wani matashi ya ce ka nuna masa yadda kake tsara darasi.

Sannan ga mutanen Tsafe da malamin ya ba kalmarsa. Masu makarantu a Zamfara sun san juna, labarin malamin da ya karɓi takardar ɗauka ya je ya yi ciniki da ita yakan riga shi isa ko'ina. Idan ya yanke shawarar zama, ya taka da ƙafarsa ya ba su haƙuri tun kafin su sallami sauran masu nema, amma kada ya yi hakan sai sabuwar takardar Gusau ta shiga hannunsa da sa hannun mai makaranta.