Neman Ƙarin Wa'adi: Wasiƙar da Rajistar Aiki Ke Tsaya wa Shaida

Manaja bai cika damuwa da jin cewa ka gaji ba. Abin da yake son sani shi ne me ya canja tun ranar da kuka yi yarjejeniya, kwana nawa canjin zai ci, kuma me zai faɗa wa na sama da shi. Shi ya sa wasiƙar neman ƙarin lokaci mai ƙarfi ba ta dogara da magiya, tana dogara da rajistar aiki, wato inda ake rubuta kowane aiki da ranar shigarsa da wanda ya kawo shi. Wasu ofisoshi suna amfani da Jira ko Trello, wasu kuwa jadawalin Excel ya ishe su.

Mu ɗauki misali. An ba wata ma'aikaciya gina shafin intanet na wata makaranta, daga Litinin 17 ga Fabrairu zuwa Juma'a 14 ga Maris, kwana 20 na aiki ke nan. Ana cikin tafiya sai buƙatu uku suka shigo: a sa hanyar biyan kuɗin makaranta, a riƙa tura wa iyaye saƙon tes, a kuma yi shafin da Hausa. Ta ƙiyasta na farko kwana 4, na biyu kwana 1, na uku kwana 2. Jimilla kwana 7 da ba sa cikin lissafin farko.

Ba sai ta wahalar da ƙwaƙwalwa ba. A Jira layi ɗaya zai jero mata duk katin da aka buɗe bayan ranar farawa:

```
project = MAK AND created >= "2025-02-18"
```

Shafin History na kowane kati kuma yana nuna wanda ya taɓa shi da lokacin da ya taɓa.

Sai dai a nan ne mutane suke tafka kuskure. Ba duk sabon kati ne sabon aiki ba. Jerin nata ya fito da katuna 9, amma 4 tsohon aiki ne da ta rarraba ƙanana don sauƙin bi, 2 kuma gyaran kurakuran da ita da kanta ta yi ne. Idan ta rubuta cewa an ƙara mata ayyuka 9, manajan da ya san kan rajista zai gano cikin minti biyar, daga nan har ukun na gaskiya sai ya fara shakkar su. Gara ta tace da hannunta, ta kawo ukun da ba mai musu a kansu.

Akwai kuma aikin da aka ba da shi a baki, a bakin ƙofa bayan sallar azahar, ko ta WhatsApp da daddare. Wannan ba ya da shaida sai an shigar da shi ranar da ya zo, da sunan wanda ya nema. Wanda ya bari sai wa'adi ya matso sannan ya zauna yana buɗe katuna, kwanan watan da na'ura ta buga shi zai tona shi.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance:

"Yallaɓai, barka da aiki. Ina neman a ɗaga ranar miƙa shafin makaranta daga Juma'a 14 ga Maris zuwa Talata 25 ga Maris. Bayan mun fara, ayyuka uku sun ƙaru: biyan kuɗi (MAK-31, kwana 4), saƙon iyaye (MAK-34, kwana 1) da shafin Hausa (MAK-38, kwana 2). Ayyukan farko suna tafiya daidai, za su kammala a kan lokaci. Idan ranar 14 ba ta ɗaguwa, zan iya miƙa ayyukan farko a ranar, sababbin su biyo baya ranar 25. Ina jiran zaɓinka zuwa Laraba. Na gode."

Buƙatar tana jimlar farko, da takamaiman rana, ba "ɗan lokaci kaɗan" ba. Ba a zargi kowa ba, ko da kuwa Yallaɓai ne da kansa ya kawo buƙatun. Lambobin katunan sun isa. Zaɓin da ta bayar kuwa shi ne zuciyar wasiƙar, domin sau da yawa manaja ya riga ya yi wa mai aiki alkawari, ranar ba a hannunsa take ba.

Wataƙila ya ce zai turo mata mataimaki a maimakon ƙarin kwana. Tun 1975 Fred Brooks ya yi gargaɗi a littafinsa The Mythical Man-Month cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara yana ƙara masa jinkiri, saboda sabon zuwa sai an koya masa. Shafin Hausa dai wani zai iya ɗauka, amma ba hanyar biyan kuɗi ba.

Wasiƙar nan a makon da lissafi ya nuna giɓi ake tura ta, ba ranar jajibiri ba. Idan an amince, a canja ranar a rajista nan take, a liƙa amsar manaja a jikin katin.