Yadda Ruwan Ajiya Ya Ke Taruwa A Banki

Sa'ad da na ke koyon aikin malanta a Jabi, wani ƙanen ubana mai sayar da kayan mota kusa da tasha ya miƙo mini takardar asusunsa, ya ce, "Ɗana, kai da ka yi karatu, duba mini. Banki ya ba ni Naira 480, ya kuma zare 48. Ina dalili?" To, ga abin da na gaya wa Baffa, ko ya amfane ku.

Ruwan da banki ya ke ambata na shekara ne, amma akasarin bankuna kullum su ke lissafta shi, bisa kuɗin da ya kwana cikin asusu. Babban Bankin Nijeriya ya yanka musu ƙa'ida: kada ruwan ajiya ya kasa kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da shi kansa ya tsayar. A watan Satumba na 2025 ma'aunin nan kashi 27 ne, watau ruwan ajiya ya kama kashi 8 da ɗan ɗigo.

Mu bar ɗigon, mu ce kashi 8. Baffa yana da Naira 73,000. Kashi 8 cikin ɗari na wannan shi ne 5,840 a shekara. A raba da kwana 365, sai ya zama Naira 16 kowace rana. Wata mai kwana 30 ya kawo 480 ke nan. Amma ba a zuba masa kullum. Sai ƙarshen wata a ke tarawa a shigar gaba ɗaya. Daga ran nan ruwan ya zama uwar kuɗi, shi ma ya shiga haihuwa.

Da a ce ya ɗebe rabin kuɗinsa bayan kwana 20, da ya sami 320 na kwanakin farko, da 80 na kwana goman da suka rage, jimla 400.

Naira 48 ɗin nan kuwa haraji ne, ba banki ya ci ba. A takarda za ku ga an rubuta WHT a gefensa. Kashi 10 cikin ɗari ne na ruwan kaɗai, ba ya taɓa uwar kuɗi, banki kuma ya kan miƙa wa hukumar haraji. Saboda haka abin da ya tsaya wa Baffa 432 ne.

Saura tarko guda. In mutum ya ɗebi kuɗi fiye da sau huɗu cikin wata ɗaya, banki yana da ikon hana shi ruwan watan nan duka. Wanda ya ga ƙarshen wata ya zo ba a zuba masa kome ba, ya fara ƙirga sau nawa ya ɗiba kafin ya tafi ƙara.

Baffa dai ya ce daga yau kuɗin cefane aljihu, na ajiya banki.