Kaya Sun Koma, Bashi Yana Nan

A ce kana da shagon tayil a Kano. Dila ya turo maka katan 40 bashi, kowane katan naira 9,000, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kuɗi ya tashi naira 387,000. Wajen saukewa aka tarar katan shida sun farfashe. Ka kira shi, ya ce "ba komai, Alhaji, a mayar da su", ka mayar.

Yawancin 'yan kasuwa a nan suke tsayawa, kuma abin yana damuna. Manyan kamfanoni ba sa goge takardar kuɗin kaya da suka riga suka fitar, wato inbois. Sai dai su fitar da wata takarda mai rage ta, ita ce akantoci ke kira kiredit not. Muddin ba ta fito ba, littafinsu yana bin ka 387,000 cif, ko da fasassun tayil ɗin suna jibge a sitonsu.

Maganar daga bakin mota take farawa. Kafin ka sa hannu a webil, a buɗe katan-katan a gaban direba, ka rubuta a jikinsa cewa shida sun zo a fashe, shi ma ya sa hannu, ka ɗauki hoto. Wanda ya sa hannu bai rubuta komai ba ya shaida cewa kaya sun iso lafiya, gobe kuma za a ɗora laifin kan 'yan dakonsa. Ranar mayarwa ma kada ka baro sito sai mai kula da shi ya ba ka takardar karɓa.

Sannan ka nema a rubuce, kada ka dogara da waya. Ka ambaci lambar inbois da kwanan watanta, irin tayil ɗin, katan nawa, da kuɗin. Shida sau 9,000 naira 54,000 ke nan, harajinsu 4,050, jimla 58,050. Harajin nan shi aka fi mantawa da shi, sai mutum ya biya haraji a kan kayan da ba sa hannunsa. Idan takardar ta zo, ka duba ko tana ɗauke da lambar inbois ɗin, ka kuma duba lissafin ƙarshen wata: ya kamata bashinka ya sauko zuwa 328,950.

Takardar dai ba tsabar kuɗi ba ce. In ka riga ka biya, za ta zauna maka ajiya ce a wurinsu har saye na gaba, don haka mai son kuɗinsa a hannu ya faɗa tun a wasiƙar. In kuwa kai ka ɗauko hayar mota ka kwaso kayan daga sitonsu lafiya, da wuya dila ya saurare ka, tsakaninka da mai motar ne.