Rangwamen kaka a shagon taki da iri: abin da ya kamata ku sani kafin a ƙulla ciniki

A Adar kaka ba hutu ba ce. Ana gama ɗaure dammunan hatsi a Oktoba, hankalin mutanen kwari ya koma kan garka. Daga Tadis da ke gefen birnin Tawa zuwa Tamaske da Keita, har bakin tafkin Tabalak, ana yafa irin albasa, ana gyaran rijiya, ana neman kuɗin taki da na man inji. Shi ya sa masu sayar da kayan noma suke ɗaga murya a wannan lokaci: rangwamen kaka, ɗauki yanzu ka biya in ka kwashe albasa. Talla ba laifi ba ce, kuma manomi na buƙatar kayan. Amma a lokacin hatsi da wake sun fi arha a duk shekara, wanda zai saya kuwa da su zai biya ko da albasar da ba a dasa ba tukuna. Saboda haka rangwamen kaka na gaskiya yana tsaye ne a kan abu uku da ake faɗa a fili: kuɗin hannu nawa, kuɗin bashi nawa, kuma yaushe da me za a biya.

Manoman Nijar sun daɗe da sabawa da farashi guda. Shekaru da dama hukumar CAIMA tana sayar da buhun taki mai kilo 50 a kan sefa 13,500 saboda tallafin gwamnati, kuma wannan lamba ta zauna a kan mutane. Bayan gyaran harkar taki da aka amince da shi a 2018, shigo da taki da rarraba shi ya koma hannun ƴan kasuwa, farashi ya riƙa bin kasuwa, bin kuɗin mota da canjin naira ga kayan da ke shigowa ta Birnin Ƙonni. Yau kowane shago da nasa farashin. In mai shago ya ce ya rage, tambaya ta farko ita ce: daga nawa? Ragin da aka yi daga farashin da aka ƙara mako biyu da suka wuce ba ragi ba ne, kuma a garin da kowa ya san kowa, ranar kasuwa ɗaya ta isa a gane.

Bari mu ɗauki misali da lambobin da na zaɓa don lissafi kawai. Mai shago a Tawa ya sauke buhun uriya a kan 17,500, har da kuɗin mota da na ƴan dako. Yana sayarwa 20,000, ribarsa 2,500 ke nan. Ya yi shelar rangwamen kaka, buhu ya koma 19,000. A ido jika ɗaya ce kawai, kashi 5 cikin ɗari na farashi. A aljihunsa kuwa ribar ta faɗo daga 2,500 zuwa 1,500. In da can yana sayar da buhu 100 a kaka, yanzu sai ya sayar da kusan 167 kafin ya samu abin da yake samu. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya kira mai shela, shi ne daga baya zai nemi maida asararsa ta hanyar da ba ta dace ba, ya rage awo ko ya tura tsohon kaya. Gara a yi ragi kaɗan mai iyaka, a ce daga ranar kaza zuwa ranar kaza, ko buhu 200 na farko, da a yi babban alkawarin da shago ba zai iya ɗauka ba.

Akwai kuma rangwamen da ba ya taɓa farashin buhu, wanda a ganina ya fi dacewa da arewacin Adar. Yawancin masu garka ba buhu goma suke saya ba. Buɗe buhu a sayar da kilo 5 ko 10 a kan farashin da bai yi nisa da na buhu ba, kai kaya kyauta har ƙauye in ƙungiya ta haɗa odar buhu 20, ko ƙara buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wato PICS, ga wanda ya saya da yawa, duk waɗannan manomi yana ganin amfaninsu da idonsa. Shagunan kayan noma na ƙungiyoyin manoma da aikin FAO ya yaɗa a Nijar tun wajen 1999 da wannan dabara ta ƙananan ƙunshi suka samu karɓuwa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne bashi. Mu ci gaba da misalinmu. Manomi daga wajen Tamaske ya zo a Nuwamba, ba shi da kuɗi a hannu, yana son buhu 2. Mai shago ya ce ɗauki, ka biya 22,000 kowane buhu a Afrilu. Manomi zai kwatanta da 20,000 da ya sani, ya ga ƙarin jika 2. Amma maƙwabcinsa da ya biya a ranar 19,000 ya bayar, don haka ainihin kuɗin jira jika 3 ne a kowane buhu. Jika 3 a kan jika 19 cikin wata 5 ya kusa kashi 16 cikin ɗari, in aka shimfiɗa shi a shekara ya kai wajen kashi 38. Don a samu ma'auni, iyakar da aka kafa wa ƙananan asusun ba da bashi a ƙasashen sefa na yammacin Afirka a 2014 kashi 24 ne a shekara, wanda a kan jika 19 cikin wata 5 zai zama 1,900. Ba ina cewa mai shagon azzalumi ba ne. Shi ma kuɗinsa sun kwanta wata 5, kuma in mutum ɗaya ya kasa biyan buhu ɗaya, 17,500 da ya zuba sun cinye ribar kusan buhu 4 da ya ba wasu bashi. Abin da nake cewa, manomi yana da haƙƙin jin farashin biyu gefe da gefe, ya zaɓa da saninsa. Wataƙila in ya ji, zai gwammace ya jira aiken ɗansa da ke cirani a Abijan, ko ya ɗauki buhu ɗaya bashi ya sayi ɗaya hannu.

Malamai da yawa sun halatta a sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na hannu, da sharaɗin a tsayar da farashi ɗaya da lokaci sananne kafin a rabu, kuma kada a ƙara komai in biya ya yi jinkiri. Wannan sharaɗi shi ne kuma kariyar ciniki. "Ka biya in an kwashe albasa" ba rana ba ce. Wani yana kwashewa a Maris, wani a Afrilu, wani kuma ya zuba tasa a rudu yana jiran farashi ya tashi da damina, mai shago na can yana ƙirga kwanaki. A ambaci rana da wata, kuma a faɗi tun farko abin da za a yi in rijiya ta ƙafe ko ƙwari suka cinye shuka: ƙarin wa'adi ne, ko biya kashi biyu.

Biya da amfanin gona ya fi kowanne jawo rigima. In aka ce taki buhu ɗaya, albasa buhu biyu, wane buhu? Na albasa ana cika shi har a ɗinka masa hula, kuma hular wani ta fi ta wani. A bakin garka za a karɓa ko a shago, kuma wa zai biya mota? Sannan albasa a lokacin kwasa tana ƙasa warwas, bayan ƴan watanni farashinta kan ninka. Wanda ya ɗaure kansa da adadin buhu tun Nuwamba ya sayar da wannan riba tun bai gan ta ba. Tsofaffi sun san irin wannan bashi na hatsi da ake ci da bazara a biya ninki da kaka, wanda ake kira a ci ba daɗi, kuma babu mai shagon kirki da zai so a jingina sunansa da shi. Hanya mafi tsabta ita ce a rubuta bashin da kuɗi. In manomi ya so biya da albasa ko wake, a yi masa kuɗinsu da farashin kasuwa na ranar biya, a gaban shaida. Inda ƙungiya take da rumbun jingina, wanda ake kira warantaji, akwai mafita mafi sauƙi: a ajiye hatsi ko wake a ɗaki mai makulli biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na asusu, a karɓi bashin wani kaso na darajarsu, a sayi taki hannu da farashin rangwame, a fanshi kayan bayan watanni lokacin da suka yi daraja.

Sai kalmomin shelar kansu. A takarda da allo ana rubuta sefa, a baki kuwa muna ƙirga da dala. In mai shago ya rubuta ragin 500, mai karanta talla a rediyo ya ce "an rage ɗari biyar", manomi dala 500 ya ji, wato sefa 2,500, alhali dala ɗari ake nufi. Zai biya kuɗin mota ya zo Tawa, ya tarar da wani abu dabam, ya koma yana cewa an yaudare shi. Haka ma "kashi goma cikin ɗari" ba ya gaya wa mai saye abin da zai fitar daga aljihu. Ga yadda shela mai kyau take: "Uriya, buhu mai kilo 50, ɗinkin kamfani. Da jika 20, yanzu jika 19 kuɗi hannu, daga 1 zuwa 30 ga Nuwamba. Bashi jika 22, biya ranar 15 ga Afrilu, ba ƙari." Wajen Tabalak da Abalak a maimaita ta da Tamashek da Fulatanci, kuma lambobin su zama ɗaya a rediyo, a saƙon murya na waya da kan allon shago.

Wani abu da shela kan ɓoye shi ne dalilin arhar. Irin albasa ba ya jimirin ajiya, bayan shekara ɗaya a zafinmu tsirarsa kan ragu sosai, don haka irin Galmi mai rahusa ƙwarai a tambayi na wace shekara ne. Gwajin ba wuya: a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a tsumma mai laima, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, a ƙirga waɗanda suka tsira bayan kwana 10 zuwa 12. In rabi ne kawai suka fito, rabin kuɗi ma bai zama arha ba, don in aka yafa shi, kafin a gane lokacin yafi ya wuce. Uriya da ta sha laima takan dunƙule kamar dutse. Maganin ƙwari kuwa a duba ranar ƙarewarsa da lambar amincewar kwamitin CSP na ƙasashen Sahel a jikin kwalba. Mai shago na iya sayar da tsohon kayan da bai lalace ba da rahusa, in dai ya faɗa da bakinsa.

Ga masu shago, ku rubuta kowane bashi a takarda biyu, suna, kaya, kuɗi da rana, ku karanta wa mai ɗauka da ƙarfi a gaban shaidarsa, ku ba shi ɗaya ya tafi da ita. Ga manoma, kada a ɗora buhu a amalanke sai kun ji kuɗin hannu, kun ji kuɗin bashi, kun ji ranar biya, da jika da dala.